Hoton hawan sallah ya ƙi zama kamar na littafin zane: ina kuskuren yake?

Abba_KofarSauri:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da hoton ƙanena da aka ɗauka a Kangiwa ranar hawan sallah, yana kan doki da farin rawani da babbar riga shuɗiya. So nake in mai da shi kamar zanen littattafan barkwanci na da, mai ɗigo-ɗigon kala da baƙin layi mai kauri, in buga shi a A3 in sa a firam. Da manhajar gyaran hoto ta GIMP nake aiki. Na sa `Filters > Artistic > Cartoon`, sannan na bi shi da `Filters > Distorts > Newsprint`. Wallahi abin da ya fito ba ya kalluwa. Fuskar yaron ta zama baƙi ƙirin sai ido, layukan duk sun gutsuttsure, da na tura wa mamarmu a waya kuma ɗigon ya ɓace, sai wasu ratsi-ratsi kamar tabarma. Me na yi ba daidai ba?

Sadiq_Grafiks:
Wa alaikumussalam. Ƙara `Percent black` a Cartoon ɗin, layin zai yi kauri. Ni haka nake yi.

Abba_KofarSauri:
Na gwada. Da na ƙara sai fuskar ta ida rufewa.

Malam_Bishir_Firinta:
Abba, kafin a je ga lambobi, a leya ɗaya ka yi duka biyun ko?

Abba_KofarSauri:
E Malam, a leya ɗaya.

Malam_Bishir_Firinta:
To nan ne matsalar farko. Waɗancan littattafan ba haka ake buga su ba. Mai zane yana ja da baƙar tawada shi kaɗai, wannan baƙin kuma faranti nasa daban a injin, a cike yake sauka kan takarda, ba ɗigo a cikinsa. Kalar ce kawai ake fasawa ta zama ɗigo, ta kwanta a ƙarƙashin baƙin. Kai kuma ka zana layi sannan ka aiko da Newsprint ya bi ta kansa, shi kuwa bai san layi ba, duk inda ya ga toka-toka sai ya farfasa. Bakin layin Cartoon ba baƙi ne tsantsa ba, shi ya sa ka ga ya zama kamar ɓera ya ci.

Raba aikin gida biyu. Kwafi hoton sau biyu da `Layer > Duplicate Layer`, ɗaya ka sa masa suna tawada, ɗaya kala. Tawada a sama, `Mode` ɗinta `Multiply`, don farin ya ɓace baƙin ya tsaya. Newsprint kada ya kusanci leyar tawada har abada.

Ummi_Zane:
Gaskiyar Malam ce. Abba, faɗa mana girman hoton tukuna, faɗi da tsawo nawa ne? Don maganar tabarmar nan da ka ce, daga nan take.

Abba_KofarSauri:
960 da 1280. Abokinsa ne ya turo ta WhatsApp. Amma ni na ƙara shi ya kai 3508 a faɗi kafin in fara, tunda A3 zan buga. `Period` kuma ban taɓa ba, 12 na tarar.

Ummi_Zane:
Yauwa, ga ta nan. `Period` tazarar da ke tsakanin ɗigo da ɗigo ce, da fiksel ake auna ta. Raba 3508 da 12, ka ga kusan ɗigo 290 ke nan a jere daga gefe zuwa gefe. Da ka tura wa Mama, an matse hoton don ya shiga fuskar waya, a ce faɗi 1080, sai kowane ɗigo ya koma fiksel uku da wani abu. Fuskar waya ba ta iya zana da'ira da fiksel uku, wani ɗigon ya faɗa daidai, wani ya faɗa tsakani, wannan saɓanin shi ne ratsin da ka gani. Ba lalacewa aikin ya yi ba, matse shi aka yi.

Abin da nake yi, fayil biyu nake fitarwa. Na bugawa a A3, 3508 da 4961, `Period` 24. A ƙuduri 300 wannan tazarar milimita 2 ce, ana ganin ɗigon sarai idan an rataye a bango. Na waya kuma sai in rage hoton zuwa faɗi 1080 tun kafin in sa ɗigo, in ba shi `Period` 12, ɗigo 90 ke nan a jere. Rage girma tukuna, ɗigo daga baya. Idan ka juya su, tabarma za ta dawo.

Dan_Daura_77:
Ni dai ina ganin firintarka ce. Mu ma tamu a shago haka take ɗigo-ɗigo da ratsi idan kan ya toshe. Ka yi mata wankin kai sau biyu ka sake bugawa.

Sadiq_Grafiks:
Hahaha Ɗan Daura, bai ma kai ga bugawa ba. Shi ɗigon yake nema da gangan, kai kana ba shi maganin kashe shi.

Dan_Daura_77:
Au to. Allah Ya ba da haƙuri, ban karanta har ƙasa ba. Amma mi ya sa mutum zai ɓata hoto mai kyau da ɗigo?

Hajjo_Batagarawa:
Kowa da kiwon da ya karɓe shi, Malam. Ni ma ina bin zancen nan don ina son yi wa ɗiyata na ranar saukarta.

Malam_Bishir_Firinta:
Bari in dawo kan leyar tawada, tunda ita ce rabin aikin. Cartoon na bar shi tuntuni. Ga yadda nake bi:

Cire kalar da `Colors > Desaturate > Desaturate`. Sannan ka goge ƙananan tarkace da `Filters > Blur > Median Blur`, a hoto mai faɗi 3508 fara da `Radius` 5 ka gani. Kwafi wannan leyar, ta saman ka sa mata `Gaussian Blur` kamar 12, ka mai da `Mode` ɗinta `Divide`. Za ka ga hoton ya yi fari fat, sai wuraren da suka fi maƙwabtansu duhu ne kawai suka rage, kamar zanen fensir. Yi `Layer > New from Visible`, sai `Colors > Threshold`, ka ja ɗan alamar nan zuwa dama a hankali har layukan su fito baƙi sosai. Yawanci sai ka kusa ƙurewa kafin su fito, kada ka tsorata.

Dalilin da na fi son wannan ga fatarmu: idan ka sa `Threshold` kai tsaye a kan hoto, tambayarsa ɗaya ce, wurin nan ya kai haske kaza ko bai kai ba. Fuskar baƙin mutum a ƙarƙashin farin rawani da rana tsaka ba za ta kai ba, sai ya shafe ta duka. `Divide` kuwa kowane wuri da na kusa da shi yake gwadawa. Kumatu da goshi duk da duhunsu za su fito fari, gira da ƙasan hanci da tsakanin leɓe su fito baƙi.

In layin ya yi siriri, `Filters > Generic > Erode` sau ɗaya ko biyu.

Sadiq_Grafiks:
Malam ba `Dilate` ba? Ai shi ne mai kumbura abu.

Malam_Bishir_Firinta:
Haske yake kumburawa, Sadiq. A baƙin layi kan farin fili, `Dilate` cinye layin zai yi. `Erode` shi ke faɗaɗa duhu. Gwada ka gani, sunan ne ke ruɗar mutane.

Sadiq_Grafiks:
Na gwada yanzu. Na janye, Malam.

Abba_KofarSauri:
Malam Allah Ya saka da alheri, fuskar ta fito, har ɗan murmushinsa ana gani. Sai dai abu biyu. Sararin sama da jikin dokin sun cika da wasu ƙananan murabba'ai kamar tayil. Sannan aikin da ke gaban rigar, aska takwas ce, ya zama kamar an watsa tururuwa. Rawanin kuma ta gefen hagu babu layi kwata-kwata, ya haɗe da sama.

Ummi_Zane:
Tayil ɗin nan na JPEG ne. Yana matse hoto gida-gida, fiksel 8 da 8, ido ba ya lura sai an ƙara girma. Kai ka ƙara kusan ninki huɗu, sannan `Divide` ya zo ya tono su, don shi duk wani ɗan bambanci yake nema. Roƙi abokin nan ya sake turo maka ainihin hoton a matsayin `Document`, ba ta hanyar hoto ba. In ya goge, ƙara `Median Blur` ɗin, abin da ya rage ka bi da farin burushi. Sama dai ba ta buƙatar layi ko ɗaya, shafe ta gaba ɗaya.

Rawani kuwa babu tacewar da za ta ba ka layin da babu shi a hoton. Fari ne a kan fari. Da hannu za ka ja. Ɗauki `Paths`, bi gefen rawanin, kafaɗa, hannun riga, wuyan doki, sai `Edit > Stroke Path` da kauri kamar fiksel 14. Haka za ka yi wa askar: goge tururuwar, ka zana manyan harsunan kawai. Mai zane na gaske ba ya zana kowane zare.

Kabiru_Alkalami:
Anti Ummi a nan zan saɓa miki. `Stroke Path` kauri ɗaya yake bayarwa daga farko har ƙarshe, sai zanen ya fito kamar taswirar fili. Dubi tsohon littafin zane da kyau, layin yana farawa siriri, ya yi ciki, ya sake tsukewa, kuma ɓangaren inuwa ya fi kauri. Burushi ne ko alƙalamin tsomawa ke yin haka. A GIMP `Ink` ne ya fi kusa, danna K. Kunna `Smooth stroke` don rawar hannu, kuma saurin jan yana canza kaurin.

Ummi_Zane:
Kabiru kai kana da allon zane da alƙalaminsa. Abba da linzamin kwamfuta yake fama. Ka taɓa jan wuyan doki da `Ink` da linzami?

Kabiru_Alkalami:
Shekara biyu na yi da linzami kafin in sayi allo. Ana iyawa, sai dai Ctrl+Z zai sha wahala.

Ummi_Zane:
To ni dabarata, in ja da `Paths` ɗin, sannan in sake jan wani siriri a jikinsa ta ɓangaren inuwa kawai, su haɗe. Daga nesa ba ka bambancewa.

Kabiru_Alkalami:
Ni ina bambancewa.

Nura_Waya:
Don Allah a ina zan sauke GIMP ɗin a waya? Na duba ban gani ba.

Sadiq_Grafiks:
Na kwamfuta ne, Windows, Mac ko Linux. Kyauta ne a gimp.org.

Abba_KofarSauri:
An samu ainihin hoton, alhamdu lillah, tayil ya tafi. Na zana rawanin da `Paths` (Yaya Kabiru ka yi haƙuri). Yanzu na koma leyar kala. Na sa Newsprint, `Color Model` a `CMYK`, `Pattern` a `Circle`, `Period` 24. Riga da sama sun yi kyau ƙwarai. Fuskar ce dai har yanzu, ɗigon baƙi ya cika ta, ya haɗiye layukan da na sha wahalar fitarwa.

Malam_Bishir_Firinta:
Dole. Launin fata mai duhu idan aka fasa shi zuwa tawada huɗu, kaso mai yawa baƙi yake tafiya. Ɗigon baƙi ya yi girma har ya taɓa ɗan uwansa, sai baƙin layinka ya rasa inda zai tsaya ya fito. Akwai `Black pullout` a cikin akwatin, shi ke cewa nawa za a ba baƙi. Rage shi. Amma kada ka zaci ya gama magani, don idan ka hana baƙi, sauran ukun ne za su ɗauki nauyin, su hau kan juna su ba ka wani launi kamar laka. Sai ka haɗa da `Colors > Curves`, ka zaɓi fuskar da hannayen kawai ka ɗaga hasken tsakiya kafin ɗigo.

Hajjo_Batagarawa:
Malam Bishir, da girmanka, wannan ba bilicin ba ne? Na taɓa kai hoton ɗiyata wani shago, suka haskaka ta har kakarta ta ce wannan ɗiyar wa ce. Yaro baƙi kyakkyawa a mai da shi wani iri don ɗigo ya samu wuri?

Malam_Bishir_Firinta:
Hajiya ban ce a mai da shi Bature ba. Tawada tana ƙara duhu idan ta sauka a takarda, ɗigo yana ɗan bajewa, abin da ka gani a kwamfuta daidai sai ya fito da nauyi. Ɗan ɗagawa ne.

Hajjo_Batagarawa:
Haka su ma suka ce, ɗan ɗagawa.

Ummi_Zane:
Ku tsaya, akwai hanyar da ba sai an taɓa launinsa ba, kuma ita ta fi kama da littattafan ma. Ɗigo iri biyu ne ake cakuɗawa. Na hoton jarida girmansa yana canzawa, babba a inuwa, ƙarami a haske, shi ne Newsprint ke yi idan ka ba shi hoto. Na littafin zane kuwa, wanda ake kira da sunan Benjamin Day da ya fito da dabarar a 1879, girmansa ɗaya ne a duk filin da aka shafa. Fuska fili ɗaya ce, riga fili ɗaya, inuwa kuma baƙar tawada ce ke nuna ta.

To Abba, zagaye fuskar da `Free Select`. A sabuwar leya zuba launin fatarsa a cike, ba ɗigo. Ɗauko shi da `Color Picker` daga inda rana ta taɓa goshinsa ko kumatu, ka ga launinsa ne na gaske, ba wanda ka ƙirƙira ba. A wata leyar kuma, cikin zaɓin nan dai, zuba toka mai haske, ka sa mata Newsprint da `Black on White`. Ɗigo zai fito girma ɗaya. In ya yi manya, koma ka ƙara wa tokar haske. Sai `Colors > Color to Alpha` ka cire farin, ka kulle `Lock alpha channel`, ka zuba ja mai duhu ko ruwan ƙasa a kan ɗigon. Yanzu ɗigon ba baƙi ba ne, ba zai yi kishi da layi ba. In kana son inuwar rawani a goshi, yi mata nata filin da toka mai ɗan duhu.

Kabiru_Alkalami:
A wannan muna tare, Anti. Kuma a ƙara da cewa kalolinsu ba su da yawa. Kowace daga tawada uku, shuɗi, ja-ja da rawaya, ko babu, ko kashi 25, ko 50, ko 100. Huɗu sau huɗu sau huɗu, kala 64 ke nan duk duniyarsu. Shi ya sa hoto mai inuwa mai sulɓi ba ya taɓa kama da su ko ka zuba ɗigo buhu guda. Kafin Newsprint, a sa wa riga da doki `Colors > Posterize` a mataki 4, shi ma 64 yake bayarwa, ko da matakan ba daidai da nasu suke ba.

Malam_Bishir_Firinta:
A yi hattara da Posterize a fuska. Yana yanka ja da kore da shuɗi kowanne daban, sai ka ga kumatu ya yi tabon kore. A riga ba laifi, amma a fara da `Median Blur` mai ƙarfi don gefen filayen ya yi sumul.

Dan_Daura_77:
Kun sa ni sha'awa. Ina da hoton wani dogari da na ɗauka lokacin Sallar Gani a ƙofar fada, rigar nan ja da kore. Na bi maganarku amma a jan ɗigon bai fito ba sam, a koren ne kawai ake ɗan gani.

Ummi_Zane:
Jan ya cika ne. Ja sosai ja-ja 100 ne da rawaya 100, babu gurbin da ɗigo zai bayyana, haka ma a littattafan yake fitowa a cike. Ka bar shi, ya fi kyau. Ɗigon ka kai shi bango da sama.

Sadiq_Grafiks:
Tambaya: kusurwoyin nan na `Angle`, na mai da su duka 45 don su yi layi ɗaya, sai kalar ta yi datti. Laifin me?

Malam_Bishir_Firinta:
Ka ɗora ɗigon duka a kan juna ne, kowanne ya rufe ɗan uwansa. Mu a gidan bugu kowace tawada da kwanarta: shuɗi 15, ja-ja 75, rawaya 0, baƙi 45. Manyan ukun tazarar digiri 30 ke tsakaninsu, shi ke ba da ɗan furen nan da ake gani idan an kusanto da ido. Rawaya ba ta da ƙarfi a ido, shi ya sa ita aka matse. In `Lock angles` a kunne yake, kashe shi ka rubuta su ɗaya-ɗaya.

Kabiru_Alkalami:
Abba in ka gama, ɗauki `Move`, ka ture leyar kala fiksel 5 ko 6 gefe da maɓallin kibiya. Injinan da ba sa saita faranti daidai, kala tana ɗan leƙowa bayan layi. Wannan ɗan kuskuren shi ke sa mutum ya rantse bugu ne na gaske. Sannan leya ta ƙarshe a sama, launin tsohuwar takarda, `f3e7c9`, a `Multiply`.

Malam_Bishir_Firinta:
Shekara da shekaru muna faɗa da yara a kan kada kala ta fita layi, yau ga Kabiru yana koyar da ita. Idan ka kawo mini haka ba ka gaya mini ba, zan ce injina ne ya kwance.

Abba_KofarSauri:
Na bi hanyar Anti Ummi a fuska, na ɗauko launin daga kumatunsa na dama. Hajiya Hajjo, yaronmu yana nan da baƙinsa. Na ture kalar fiksel 4. Saura bugawa, JPEG zan kai ko me?

Ummi_Zane:
PNG, a filasha ko ta `Document`. JPEG yana sa ƙura a bakin ɗigo da layi. Ka ce kada su ja shi su cika takarda, su buga a girmansa. Kuma ajiye XCF ɗin, wato fayil ɗin aikin na GIMP, da leyoyinsa. In GIMP 3 gare ka, Newsprint ɗin yana zama a jikin leya ƙarƙashin alamar `fx`, kana iya komawa ka canza `Period` ba sai ka sake daga farko ba. A 2.10 in ka danna OK ya zauna, don haka ajiye kwafin leyar kala marar ɗigo.

Malam_Bishir_Firinta:
Kafin ka biya kuɗin A3, yanko fuskar da rawanin ka buga a A4 ba tare da ragewa ba. Na san za ta fi abin da kake gani duhu. In layin ido ya nutse, ka dawo mu yi maganar ɗan ɗagawar nan.

Hajjo_Batagarawa:
In ya nutse a rage girman ɗigon, Malam, ba launin yaro ba.

Abba_KofarSauri:
An ɗauke wuta, laftof saura kashi 9. Gobe in sha Allahu zan buga gwajin in ɗauko muku. Yaya Kabiru, launin takardar nan a na bugawa ma zan bar shi, ko na waya ne kawai? Farin rawanin ya koma kamar an wanke shi da ruwan rijiya.

Kabiru_Alkalami:
Rage `Opacity` zuwa rabi ka gani. Ni dai ba na cirewa.

Ummi_Zane:
Ni a na bugawa cirewa nake. Rawanin sallah ne fa.